Yafiyar Harajin Noma: Wa Zai Tsaya wa Manomi Shaida?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, magana ɗaya nake ta ji a bakin mutanenmu na karkara: wai an yafe wa manoma haraji. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba haka take a dunƙule ba, kuma wanda ya riƙe ta a haka zai iya shan mamaki. Abin da dokar ta yi iri biyu ne. Kamfanin da aka yi wa rajista domin noma, ko kiwon dabbobi, ko kiwon kifi, ko samar da madara, an ɗauke masa harajin kuɗin shiga na shekara biyar na farko daga lokacin da ya fara aiki. Shi kuwa manomin da yake noma da sunansa, wanda bai san ƙofar Hukumar Rajistar Kamfanoni ba, wannan yafiya ba ta shafe shi ba. Abin da yake kare shi shi ne abin da yake kare tela da direba: naira 800,000 na farko a cikin abin da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su, daga nan kuma sai a ɗauki kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da suka biyo baya.

Duka biyun suna rataye ne a kan hujja. Kamfani sai ya nuna cewa noma yake yi da gaske, ya kuma nuna ranar da ya fara. Manomi sai ya nuna cewa ribarsa, bayan an cire abin da ya kashe, ba ta haura wancan adadi ba. A nan gardamar take: daidai ne a ce yafiya sai da rubutacciyar shaida, a ƙasar da mafi yawan cinikin amfanin gona baki da baki ake yin sa?

Na fara ɗaukar wannan tambaya da nauyi ne wata ranar la'asar a Kura, a majalisar wani kawuna da yake noman shinkafar rani a filayen da ruwan madatsar Tiga yake ba su sha. Akwai wani dattijo a wurin da ya yi shekaru yana aikin haraji a jiha kafin ya yi ritaya, akwai kuma wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi yana kaiwa Dawanau. Kawuna ya ce shi dai ya huta, tunda a rediyo ya ji an ce manomi ba ya biya. Dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, ba a ce kai ba. An ce kamfani. Kai abin da zai fitar da kai shi ne lissafinka. Nawa ka sayar bana?"

Lissafin da muka yi a ranar shi ne zan kawo, na dai daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi. Hekta biyu ce, an samu buhu 90 na shanshera. Buhu 20 sun tafi wajen zakka da abincin gida da rabon dangi, aka sayar da 70 a kan naira 40,000 kowanne, kuɗi suka kama miliyan 2.8. Duk wanda ya ga wannan adadi ya shiga hannun mutum zai ce ya wuce 800,000 nesa ba kusa ba. To amma hayar gona ta ci 300,000. Taki buhu 12 ya ci 540,000, iri 60,000, maganin feshi 90,000. Tarakta ta karɓi 160,000, fetur ɗin injin ban ruwa 250,000, buhuna da kuɗin mota 100,000. 'Yan ƙwadago kuwa, daga dashe zuwa cirar ciyawa zuwa yanka da bugu, sun tashi da 550,000. Jimillar abin da aka kashe miliyan 2 da dubu 50. Riba ta tsaya a 750,000, wato ƙasa da iyakar, babu ko sisi a kansa.

Sai dattijon ya ce, "To, a cikin waɗannan, wanne kake da takardarsa?" Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wata leda. A ciki akwai rasit ɗin taki da na maganin feshi daga shagon kayan noma, ɗaya ma rubutunsa ya fara gogewa saboda irin takardar nan ce ta injin biyan kuɗi. Shi ke nan. Idan ma'aikacin haraji ya ce abin da yake da rasit kaɗai zai amince da shi, to 630,000 kawai za a cire. Ribar takarda ta zama miliyan 2 da dubu 170, a ware 800,000, a ɗauki kashi 15 na saura: naira 205,500. Mutumin da doka ta ce ba ya biya ya koma mai bashin kuɗin da ya kai fiye da buhu biyar na shinkafarsa, ba don ya yi ƙarya ba, sai don matan da suka yi masa dashe ba sa yawo da littafin rasit.

Masu cewa a sassauta wa manomi, wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ina ganin nauyinta. Mafi girman abin da ƙaramin manomi yake kashewa yana tafiya ne wajen mutanen da ba su da hatimi: mai tarakta da aka biya a bakin gona, samarin da suka ɗauki jingar yanka, mai gonar da aka yi yarjejeniyar haya da shi a gaban shaidu biyu ba tare da an taɓa alƙalami ba, mai sayar da fetur a jarka. Sharaɗin takarda, in aka yi shi da tsauri, yana raba manoma ne tsakanin mai akanta da marar akanta, alhali manufar yafiyar ita ce a raba tsakanin mai ƙaramin ƙarfi da mai babba. Babbar gona mai ofis a birni za ta cika kowane fom ta ci shekara biyar lafiya, wanda aka ce dominsa aka yi sassaucin kuma ya tsaya a waje.

Akwai kuma batun harshe. Tun gyaran dokar kuɗi ta 2020 aka wajabta wa kamfanoni su ajiye littattafan lissafinsu da Turanci, su kuma adana su har shekara shida, ko da ba sa cikin masu biya. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta shimfiɗa wannan wajibi a kan kowa, kuma wanda ya rubuta da wani harshe ana iya neman ya kawo fassara da kuɗinsa. Na san manoma da yawa da suke rubuta bashinsu da ajami a bayan littafin yara na makaranta, kuma rubutun nasu ya fi na wasu 'yan boko tsari. A ce wa irin wannan mutum littafinsa ba hujja ba ce sai an fassara, an ɗora masa wani haraji ke nan kafin a zo kan na gwamnati.

Ba za a kuma manta da abin da kalmar haraji take tayarwa a zukatan mutanen karkara ba. Dattawa ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, lokacin da ake ƙirga kawunan maza da na shanu, kuma ba su manta cewa a 1979 ne Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su ba. Idan ka ce wa irin wannan dattijo ya rubuta yawan buhunan da ya samu ya kai wa hukuma don a yafe masa, abin da yake ji shi ne an ce ya ƙirga kansa da kansa. Tsoronsa shi ne littafin da aka karɓa bana don yafiya, baɗi shi za a buɗe don karɓa. Ba na jin wannan tsoro wauta ce.

Duk da haka, ban iya tsayawa a wannan ɓangare ba, kuma wanda ya raba ni da shi shi ne ɗan kasuwar nan na majalisa, ba tare da ya nufa ba. Da ya ji ana maganar yafiya sai ya ce, "Ai ni ma manomi ne, Alhaji. Ina da eka uku a garinmu." Gaskiya ya faɗa, yana da su. Amma abin da yake fitowa daga eka ukun nan bai fi buhu arba'in na masara ba, shi kuwa a kaka yana sayen buhu ɗari biyar daga kasuwannin ƙauye, ya kulle a sito, ya fitar da su lokacin bazara in farashi ya tashi. Wannan fatauci ne, sana'a ce ta halal, amma ba noma ba ce. Idan kalmar baki ta isa hujja, gobe zai yi wa eka ukun nan rajistar kamfanin noma, ya zuba ribar buhu ɗari biyar a ciki, ya kwana shekara biyar ba a taɓa shi ba. Haka ɗan kwangila zai yi, haka ma'aikacin da yake neman inda zai ɓoye kuɗin da ba zai iya faɗin asalinsu ba. Gona wuri ne mai daɗin ɓuya, domin babu wanda ya ƙirga buhunan a ranar girbi.

Wannan shi ne abin da masu goyon bayan takarda suke nunawa, kuma sun yi gaskiya. Yafiyar da ba a tantance ta takan tafi ne ga wanda ya fi kowa riba, domin shi ne yake da abin da za a yafe masa. Kawuna, ko an yafe ko ba a yafe ba, abin da yake kansa kaɗan ne. Mai ɓoye miliyan ɗari a bayan garma shi ne zai kwashi rabon. Kuɗin da ya tsere ta wannan hanya kuwa ba ɓacewa yake yi ba, a kan malamin makaranta yake komawa, wanda ake cire nasa tun kafin albashi ya shiga asusunsa.

Dattijon ya bayyana mana yadda ake gane irin wannan dabara, kuma abin ya burge ni saboda sauƙinsa. Ya ce ba ya fara duba rasit, fili yake fara tambaya. Hekta nawa ce, a ina take, taka ce ko haya? Daga nan sai ya auna abin da aka ce an sayar da abin da filin zai iya bayarwa. Hekta biyu ta shinkafa ba za ta haifi buhu ɗari huɗu ba, ko wane irin taki aka zuba. Sai ya duba lokaci: manomi yakan sayar bayan girbi, sau ɗaya ko sau biyu ko uku, amma wanda kuɗi suke shigo masa kowane mako shekara ta zagayo, saye da sayarwa yake yi. Sai kuma ya duba kayan da aka saya. Wanda ya ce ya noma hekta hamsin amma babu alamar ya taɓa sayen taki ko biyan tarakta, sai dai kuɗin lodi da na sito, ya riga ya faɗi sana'arsa. Ga kamfani kuma akwai ƙarin tambaya, ta ranar farawa, domin wani zai rufe kamfani in shekara biyar ta cika, ya buɗe sabo da wani suna a kan gonar nan dai da ma'aikatan nan dai. Abin da yake tona wannan shi ne takardar fili da sunayen masu kamfanin.

Da na ji wannan sai na lura cewa hujjojin da suke kama mai dabara ba su ne hujjojin da suke wahalar da kawuna ba. Girman fili, da lokacin sayarwa, da dacewar amfani da faɗin gona, duk abubuwa ne da manomin gaskiya zai nuna cikin sauƙi, maƙwabtansa ma za su shaida. Abin da yake kayar da shi shi ne rasit na kowane kashewa, wanda shi kuma mai dabara ba ya rasa shi, domin littafin rasit ana buga shi a kowace ɗab'i. Saboda haka ra'ayina shi ne a nemi hujja, kada a yafe wa kowa a kan kalmar bakinsa, amma a nemi irin hujjar da gona take haifarwa. Littafin da manomi ya rubuta a lokacin da abin yake faruwa, da Hausar boko ko da ajami, ya kamata hukumomin haraji na jihohi, waɗanda su ne suke karɓar harajin ɗaiɗaikun mutane, su bayyana a fili cewa sun amince da shi muddin ya dace da girman gonar. Inda babu rasit ɗin ƙwadago, hukuma ta riƙa fitar da ƙiyasin abin da hekta ɗaya take ci a kowace damina da kowane rani, bayan ta tuntuɓi malaman gona da ƙungiyoyin manoma, wanda kuɗinsa bai wuce wannan ƙiyasi ba a karɓa masa ba gardama.

Kafin a kai can, manomi yana da abin da zai yi wa kansa, kuma ba shi da tsada. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, na gona kaɗai. Shafin farko a rubuta inda gonar take da girmanta, in haya ce a rubuta yarjejeniyar a takarda, mai gona da shaidu biyu su sa hannu, in an samu mai unguwa ya buga hatimi ya fi. Duk ranar da aka biya 'yan aiki a rubuta kwanan wata, da aikin, da yawan mutane, da kuɗin, shugaban jingar ya dangwala yatsa ko ya sa lambar wayarsa. Rasit ɗin injin biyan kuɗi a ɗauki hotonsa a waya a ranar, domin kafin wata shida ya zama farar takarda. Ranar girbi a rubuta yawan buhuna gaba ɗaya, sannan a rubuta inda kowanne ya tafi, har na zakka da na gida. In an sayar, a rubuta wanda ya saya da farashi da la'adar dillali. Wanda yake karɓar kuɗi ta banki, ya yi ƙoƙari ya ware asusu ɗaya na gona, domin in kuɗin shinkafa suka gauraya da na adashin matarsa da na gudummawar biki da aka turo ta hannunsa, shi ne zai sha wahalar rarrabewa a gaban wanda bai san gidansa ba. Wanda kuma yake noma yana fatauci, littafi biyu zai yi, kada buhun da ya saya ya shiga layin buhun da ya noma.

Amfanin littafin yana fitowa ne ranar da aka kawo wa mutum takardar ƙiyasi. Doka ta ba hukuma damar ta yanka wa wanda ba shi da lissafi abin da take ganin ya dace, ta kuma ba shi kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa. Wanda ya tafi hannu rabbana, rantsuwa kawai zai yi. Wanda ya tafi da littafi yana da abin ɗorawa a kan tebur. Shi kuwa kamfani, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka tunda an yafe biya an yafe kai rahoto. Ba haka ba ne. Rahoton shekara yana nan a wuyansa, rashin kai shi kuma yana da tara.

Akwai abin da muka tashi a majalisar ba mu daidaita a kai ba, kuma har yanzu yana yi mini yawo a rai. Dattijon ya ce lissafin kawuna yana da wata ƙofa. Kuɗin da aka kashe na noman buhu 90 ne, amma 70 aka sayar. Ma'aikaci mai bin diddigi zai iya cewa abin da aka kashe a kan buhu 20 da ba su je kasuwa ba hidimar gida ce, ba za a cire shi daga ciniki ba. In aka bi wannan, abin cirewa ya sauko zuwa kusan miliyan 1 da dubu 594, riba ta hau zuwa kusan miliyan 1.2, haraji ya kama kusan naira 60,000. Kawu ya ce, "Alhaji, wato tuwon da na ci da iyalina ma sai an lissafa mini? Har zakkar da na fitar?" Dattijon ya ce shi ba ya cewa daidai ne, yana faɗa masa ne yadda wani zai karanta ƙa'idar. A nan littafin gaskiya shi ne zai buɗe ƙofar, domin in kawu bai rubuta buhu 20 ɗin ba babu wanda zai san da su. Ni ina tare da kawu a kan wannan: abincin da manomi ya ci daga gonarsa bai kamata ya zama sanadin da zai fitar da shi daga yafiya ba, kuma hukumomin jihohi su ne ya kamata su faɗi matsayarsu a rubuce, tun kafin kowane ma'aikaci ya riƙa yanke nasa hukuncin a kan teburinsa.

Wani matashi mai kai tumatur kudu, da ya yi shiru tun farko, ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. Abin da yake cinye shi shi ne shingayen hanya, inda ake karɓar kuɗi da sunan harajin amfanin gona tun daga fitarsa har ya sauke kaya, kuma babu littafin da yake hana su. Dattijon ya ce wannan wani haraji ne daban, ba na kuɗin shiga ba. Matashin ya ce aljihunsa dai ɗaya ne. Aka kira sallar magariba a kan haka. Da muka fito daga masallaci kawu ya aiki jikansa shago ya sayo littafi mai shafi tamanin, ya ce zai fara da kuɗin tarakta na ranin da za a shiga, amma buhunan gida sai ya ƙara shawara kafin ya rubuta su.